Idan Aka Turo Maka Hoton Takardar CV Ba Tare da Wani Bayani Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda yake aiki a wani ofis a Abuja, ko da a ƙaramin mataki ne, 'yan uwa da 'ya'yan maƙwabta suna kallonsa a matsayin wanda ya san yadda ake neman aiki, shi ya sa wayarsa ba ta rabuwa da hotunan takardun CV, wato takardar da mai neman aiki yake bayyana tarihin karatunsa da ayyukan da ya yi. Sau da yawa hoton shafi ɗaya ne yake shigowa ta WhatsApp shi kaɗai, babu sallama, babu tambaya, babu bayanin abin da ake so a yi da shi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wanda aka turo wa hoton, da yadda zai amsa ta hanyar da za ta amfani mai turowa ba tare da ya jibga masa abin da ba zai iya ɗauka ba.

Me yake sa mutum ya turo hoton takardarsa ya yi shiru?

Mafi yawan lokuta nauyin baki ne, ba rashin tarbiyya ba. Yaron da ya gama hidimar ƙasa, ya shafe watanni a gidan yayansa a Kubwa ko Nyanya yana jiran kira, yana jin kunyar ya buɗe baki ya ce wa kawunsa a taimaka masa, sai ya tura takardar ya bar ta ta yi magana a madadinsa. Wani kuma yana ganin an riga an yi maganar, domin a wajen wani ɗaurin aure a Jos ka ce masa “ka turo min takardunka in gani”, kai ka manta, shi kuwa bai manta ba. Akwai wanda yake jin cewa takardar tana da matsala tunda ya tura ta wurare da yawa ba a kira shi ba, amma bai san sunan matsalar ba balle ya yi tambaya a kanta. Akwai kuma wanda ba gyara yake nema ba ko kaɗan, so yake ka miƙa takardar ga wani babba a ma'aikatarku.

Abin lura shi ne waɗannan mutane buƙatunsu sun sha bamban, alhali hoton da suka turo iri ɗaya ne. Saboda haka ba daidai ba ne ka zaɓar masa buƙata da kanka ka hau aiki a kai, kamar yadda telan da aka ajiye wa yadi a shago ba ya sa almakashi sai ya ji ko kaftani ake so ko babbar riga.

Me ya kamata in duba kafin in rubuta amsar farko?

Ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi, ka ba shi minti biyu ko uku, ba don ka tattara kurakurai ba, sai don ka gane abin da ke gabanka. Ka fara tabbatar da cewa rubutun yana karantuwa daga sama har ƙasa, domin WhatsApp yana matse hoto yana rage masa nauyi idan an turo shi a matsayin hoto na yau da kullum, kuma ƙananan haruffa da lambobi su ne suke fara dusashewa. Sannan ka duba ko shafin cikakke ne: idan jimla ta yanke a ƙasa, ko ka ga ba a kai ga sashen ƙwarewar aiki ba, ko babu sunayen masu tsaya masa, to akwai shafi na biyu da ba a turo ba. Daga nan ka nemi kwanan wata na ƙarshe da ke cikin takardar, domin shi zai nuna maka ko mutumin sabon kammala karatu ne, ko yana kan hidimar ƙasa, ko kuwa ma'aikaci ne da yake neman sauyin wuri.

Yana da kyau ka san iyakar abin da hoto zai iya nuna maka. Za ka iya karanta abin da aka rubuta da yadda aka jera sassan, amma ba za ka iya tantance girman haruffa ko faɗin gefen takarda ba idan an ɗauki hoton a karkace a kan tabarma ko a kan gwiwa, ba za ka iya gyara ko harafi ɗaya a cikinsa ba, kuma ba za ka san ko ainihin fayil ɗin yana hannun mai shi ba ko kuwa yana kwance a kwamfutar wani shagon buga takardu da ya daɗe da mantawa da shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wanda ba shi da fayil ɗin a hannunsa, kowane gyara da ka faɗa masa kuɗin mota ne da kuɗin sake bugawa.

Tunda na ga kurakuran da idona, me zai hana in jero masa su duka a saƙo ɗaya?

Dalili na farko shi ne rabin abin da kake kira kuskure ya danganta ne ga inda za a kai takardar, kai kuwa ba ka san inda za a kai ta ba tukuna. Misali mafi kusa shi ne jihar asali da ƙaramar hukuma. Idan aikin gwamnatin tarayya ake nema, waɗannan bayanai suna da amfani, domin sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a yi la'akari da daidaiton wakilcin sassan ƙasa a hukumomin gwamnati, akwai kuma hukuma ta musamman da ke sa ido a kan haka, har ma akan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Idan kuwa wani kamfani ne mai zaman kansa a Wuse ko wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, waɗannan layuka suna cin wuri ne kawai a saman shafi, inda ya kamata ƙwarewar mutum ta fara bayyana. Idan ka ce masa ya cire su, alhali fom ɗin gwamnati yake shirin cikewa, ka ba shi shawarar da ba ta dace da shi ba, kuma zai bi ta saboda girman da yake ba ka.

Dalili na biyu shi ne yadda dogon saƙo yake sauka a hannun mai karɓa. Gyara goma sha biyar a kan fuskar waya suna zama rubutu mai tsawo da sai an yi ta jan yatsa, babu abin da ke nuna wanne ne babba wanne ne ƙarami, sai ka tarar kuskuren kwanan wata da zai iya sa a ajiye takardar gefe yana zaune kusa da maganar wani waƙafi da aka manta. Mutumin da ke cikin damuwar rashin aiki ba jerin gyare-gyare yake gani ba, hukunci yake gani cewa takardarsa ba ta da wani amfani. Abin da yakan biyo baya shi ne ya gyara biyu mafi sauƙi ya bar masu nauyi, ko ya koma shagon buga takardu a sake masa sabuwa fil da wani tsari daban, wadda za ta zo da nata sababbin kurakuran.

Akwai kuma lokacinka. Cikakken nazarin shafi ɗaya da rubuta gyaransa yakan ci rabin sa'a ko fiye, kuma babu hikima ka kashe wannan lokaci kafin ka san ko shi ake buƙata.

To wane irin saƙo ya fi dacewa ya zama amsar farko?

Gajeren saƙo da zai shiga fuskar waya ɗaya ba tare da an ja ƙasa ba. Ya fara da nuna cewa ka ga takardar kuma ka karanta ta da gaske, ta hanyar ambaton wani abu takamaimai da ke cikinta, sannan ya kawo tambaya guda, sai zaɓi biyu ko uku da aka faɗa da kalmomin da mai turowa zai gane, a ƙarshe kuma ka faɗi wanda kai za ka fara da shi idan ya bar maka zaɓin. Ga yadda kawu zai iya rubuta wa ɗan ƙanwarsa:

“Assalamu alaikum, ɗana. Na ga takardar, na ga kuma ka yi hidimar ƙasa a ofishin kuɗi na makaranta, wannan abu ne mai kyau ga wanda ya karanta aikin akanta. Wane aiki kake shirin nema da ita? Zan iya duba maka kurakuran rubutu da na kwanan wata kawai, ko in taya ka sake tsara sashen ƙwarewar aiki, ko kuma mu daidaita ta da wata talla idan kana da ita a hannu. Ni a ganina mu fara da sashen ƙwarewar aiki.”

Ka lura cewa zaɓin sun bambanta da juna ta fuskar nauyin aiki, na farko aikin minti goma ne, na biyu yana buƙatar zama da tambayoyi, na uku kuma ba ya yiwuwa sai da tallar aiki. Zaɓin da suke kama da juna, kamar a ce “in duba tsari, ko fasali, ko yadda aka jera ta”, ba zaɓi ba ne, domin mai karɓa ba zai ga bambancinsu ba. Haka kuma idan suka wuce uku, sai ya fara tunanin ko akwai amsar da ake jira daga gare shi wadda yake tsoron kada ya kuskure. Kada kuma ka sa abin da ba za ka iya cikawa ba a cikin jerin, domin duk abin da ka ambata ya zama alkawari a wurinsa.

Me ya sa sai na faɗi wanda na fi so? Ashe ba shi ya kamata ya zaɓa ba?

Shi zai zaɓa, amma a al'adarmu ƙarami ba ya jin daɗin ya umarci babba. Idan ka jera zaɓi ka yi shiru, amsar da za ta dawo ita ce “duk wanda ka ga ya dace, Kawu”, ko “yadda kika ce, Anti”, ka ga an koma inda aka fara. Idan kuwa ka riga ka faɗi ra'ayinka, ka sauƙaƙa masa: ya ce “to” a ci gaba, ko ya ce “ai jibi za a rufe karɓar takardu”, wanda hakan zai sauya komai ya mayar da ku kan gyaran gaggawa. Idan duk da haka ya ce ya bar maka, kada ka sake mayar masa da tambayar, ka ɗauki abin da ka ce za ka fara da shi ka yi shi kaɗai.

Za a iya nuna yadda abin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Mu ci gaba da misalin ɗan ƙanwar nan. A ce hoton ya nuna shafin farko, an ɗauke shi da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, inuwar wayar ta rufe kusurwar dama ta ƙasa. A sama akwai suna da lambar waya da adireshin imel, sai wata doguwar jimla a ƙarƙashin `Career Objective` wadda duk wanda ya saba karanta irin waɗannan takardu ya gan ta sau ba adadi, domin masu shagunan buga takardu suna liƙa wa kowa ita. Daga nan sai `Personal Data` mai layi tara: jinsi, aure, addini, ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, ranar haihuwa, lambar NIN, da harsunan da yake ji. An jera karatu daga firamare zuwa sama, ƙaramar difloma 2018 zuwa 2020, babbar difloma 2020 zuwa 2022, hidimar ƙasa 2024 zuwa 2025. Ƙwarewar aiki ta samu layi ɗaya tak a can ƙasa, cewa ya yi hidima a ofishin kuɗi na wata makarantar sakandare a Gwagwalada.

Mai ido zai iya fitar da gyara goma sha biyu daga wannan shafi, amma kawun ya aika gajeren saƙon nan na sama, ya ƙara layi ɗaya kawai a kan lambar NIN, wanda za a yi bayaninsa nan gaba. Yaron ya amsa cewa wani asibiti mai zaman kansa a Garki yana neman mataimakin akanta, kuma akwai sauran mako guda. Wannan amsa ta yanke abubuwa da dama nan take: layukan addini da aure da ƙaramar hukuma ba su da aikin yi a nan, kuma abin da za a fi dubawa shi ne ko ya taɓa riƙe littafin kuɗi.

Saboda haka zagaye na farko ya tsaya a kan sashen ƙwarewar aiki, kuma kawun bai rubuta masa komai ba tukuna, tambayarsa ya yi: “A ofishin kuɗin makarantar, me hannunka ya riƙa yi daga safe zuwa tashi?” Sai ga shi yaron yana rubuta rasit na kuɗin makaranta, yana shigar da su a Excel, yana kwatanta su da bayanan banki a ƙarshen kowane mako, kuma ɗaliban sun kai kusan 400. Duk wannan babu shi a takardar. Layi ɗaya ya zama layi uku, kowanne yana farawa da aikin da ya yi, da adadin ɗaliban a ciki, aka kuma ɗago sashen ya dawo sama da jerin makarantu.

Sai da ya turo gyararren shafin sannan kawun ya ɗauko maganar shekaru. A tsarin kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan, akan buƙaci shekara guda ta sanin makamar aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba, don haka jami'in ɗaukar ma'aikata da ya ga an gama ɗaya a 2020 an shiga ɗaya a 2020 zai yi tambaya, zai kuma ga giɓin shekara biyu kafin hidimar ƙasa da ba a yi bayaninsa ba. Da aka duba satifiket, sai aka ga babbar diflomar daga 2021 zuwa 2023 ce, mai bugawa ne ya kuskure, kuma shekarar da ke tsakani yaron ya yi ta ne a wani kamfanin binciken kuɗi a Jos, wadda ita ma ƙwarewa ce da ta cancanci nata layin. Da an jefa wannan a tsakiyar jerin gyara goma sha biyu tun ranar farko, da wuya ya tsaya ya ɗauko satifiket ɗinsa ya duba. Zagaye na uku shi ne ya kwashe ƙananan abubuwa a tare, wato rage bayanan kai, cire makarantar firamare, juya jerin karatu ya fara daga na baya-bayan nan, da goge jimlar da aka ara.

Akwai abin da bai kamata ya jira zaɓin mai turowa ba?

Akwai, amma kaɗan ne, kuma ma'auninsu shi ne cutarwar da za su iya yi kafin ku sake magana. Idan ka ga lambar NIN ko BVN a jikin takardar, ka faɗa masa tun a saƙon farko ya cire, domin CV takarda ce da ake turawa hannu zuwa hannu, tana yawo a zaurukan WhatsApp, tana kuma faɗawa hannun masu tallar aikin bogi, kuma idan aka haɗa waɗannan lambobi da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar waya an bai wa ɗan damfara kayan aiki. Ma'aikatar da take buƙatar NIN za ta nema a nata fom ɗin. Haka nan ka ƙirga lambar wayar da ya rubuta, lambobin wayar salula a Najeriya guda 11 ne idan an fara da sifiri, kuma lamba mai guda 10 tana nufin duk wanda ya so kiransa bai same shi ba. Adireshin imel da harafi ya faɗi a cikinsa shi ma haka ne. Waɗannan layi ɗaya suke ci, ba sa nauyaya saƙon.

Idan hoton ba ya karantuwa ko rabi ne, in nemi ya sake turowa kafin komai?

Ka nema, amma kada hakan ya zama ita ce amsarka gaba ɗaya, domin “sake turowa, ba ya fita” kawai tana kama da kora. Ka faɗi abin da ka iya karantawa, sannan ka nuna masa hanya. Idan fayil ɗin yana wayarsa, ya taɓa alamar maƙala takarda a WhatsApp ya zaɓi `Document` maimakon hoto, ta haka zai iso yadda yake ba tare da an matse shi ba. Idan a Word aka buga, `Save As` zai ba shi damar ajiye shi a matsayin PDF, kuma yana da kyau ya riƙe duka biyun, na Word don gyara, na PDF don turawa. Idan kuwa takardar da aka buga ce kaɗai a hannunsa, ya shimfiɗa ta a kan tebur da rana kusa da taga, ya ɗauka daga sama a miƙe yadda kusurwoyi huɗu za su fito, ya danna `HD` kafin ya tura.

A nan ne kuma ya dace ka sanar da shi, a jimla ɗaya, cewa hoton da ya turo maka ya isa don ku tattauna, amma ba shi ake tura wa mai ɗaukar aiki ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da dama suna karɓar takardu ta manhajar da ke karanta rubutun da ke cikin fayil, kuma hoto ko takardar da aka yi wa sikanin ba lalle ne manhajar ta iya ciro rubutunsu daidai ba.

Idan na fahimci aiki yake so in nemo masa, ba gyara ba fa?

Gara a fito da maganar fili tun da wuri, cikin mutunci. Alamarta takan bayyana ne idan ka kawo zaɓin gyara ya amsa da “Allah ya saka da alheri, ko da za a ji wani abu a wajenku”. Idan ba ka da hanyar da za ka bi, ka faɗa masa gaskiya cewa ɗaukar aiki ba ya hannunka, amma idan ka ga talla da ta dace da karatunsa za ka turo masa, kuma kana so takardar ta kasance a shirye kafin lokacin. “Za mu gani” ko “bari in yi magana da oga” daga bakin wanda ya san ba zai yi ba suna sa mutum ya zauna jira na watanni, wani lokaci har ya ƙi neman wani wuri. Idan kuma da gaske kana da wanda za ka miƙa wa, ka nemi izinin mai takardar kafin ka tura ta ga kowa, domin bayanan rayuwarsa ne a ciki, ka kuma nemi fayil mai tsabta, kada ka tura hoton mai inuwa da sunanka a kai.

Idan tun farko kana zargin wannan ce buƙatar, babu laifi ka sa ta cikin tambayarka kai tsaye: “Gyara kake so in duba, ko ajiyewa zan yi ko da wani abu zai fito?” Wanda kunya ta hana shi faɗa zai ji sauƙi da ka faɗa a madadinsa.

Rubutu ya fi ko saƙon murya?

Saƙon farko mai zaɓi ya fi kyau a rubuce, domin ya iya komawa ya sake dubawa. Murya tana da amfani wajen sassauta magana mai nauyi da wajen bayyana dalili, amma saƙon minti bakwai da aka cusa gyara goma a ciki ya fi dogon rubutu wahala, tunda sai ya yi ta mayar da shi baya yana neman inda aka faɗi abu. Duk gyaran da ya shafi kalmar da za a buga, ko shekara, ko lamba, a rubuta shi.

Yaya zan gane cewa na yi masa yawa, kuma me zan yi idan hakan ta faru?

Alama mafi bayyana ita ce doguwar godiya da babu tambaya ko ɗaya a cikinta, sai kuma shiru. Wanda ya fahimci gyara kuma yake aiki da shi yakan dawo da tambaya, ko da ƙarama ce, kamar ko ya sa watan da ya fara hidima ko shekara kawai ta isa. Wata alamar ita ce ya dawo da takardar an sauya mata launi da ado amma abin da ke ciki yana nan yadda yake, wanda ke nuna ya ji cewa akwai matsala amma bai gane wacce ba ce, sai ya kai wa mai shago ya ce a gyara.

Idan ka ga haka, kada ka bi shi da tambayar ko ya yi gyaran, domin za ta zame masa kamar bin bashi. Ka bari kwana biyu su wuce, sannan ka aika masa da abu ɗaya tak wanda zai iya yi a zaune da wayarsa, misali: “Ƙanena, ka bar sauran tukuna. Rubuto min ayyuka uku da ka riƙa yi a wurin hidimarka, da Hausa ma ya isa, ni zan taya ka mayar da su yadda za su shiga takardar.” Idan ya turo, ku kammala wannan sashe har ya gan shi a gyare a cikin fayil ɗinsa, sannan ka tambaye shi ko yana so a wuce zuwa jerin makarantu yanzu ko sai bayan ya tura wadda ke gabansa.